Naira 1,144,600 da dila ya ce yana bi: yadda ake gyara takardar bayanin biya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ƙaramin akanta ne a wani kamfanin gine-gine nan Katsina. Muna karɓar fenti da tayil da bututun ruwa wurin wani dila a Ƙofar Ruwa, Kano. Ranar 4 ga Afrilu, 2025 muka tura masa Naira 4,015,400 kan inbois uku, na bi shi da takarda mai layi ɗaya: "Biyan kayan watan Maris, bayan an cire abin da ya kamata a cire." Yanzu akawunsa ya ce yana binmu Naira 1,144,600, har ya tsayar da lodinmu, alhali a littafinmu Naira 430,000 ce kawai ta rage. Manaja ya ce in sake rubuta takardar. Yaya zan tsara ta? Ga hotunan inbois ɗin da webil, wato takardar rakiyar kaya, da alat na haɗo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Littafinka daidai yake, kuma akawun nan na Kano bai yi maka ƙage ba. Fara da gane yadda ya kai ga adadinsa, domin a nan maganin yake.

A littafinsa akwai inbois uku buɗe da sunan kamfaninku. `INV-0412` na 3 ga Maris, fenti bokiti 100 a kan Naira 20,000, ya kama miliyan 2, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya zama Naira 2,150,000. `INV-0431` na 11 ga Maris, tayil kwali 200 a kan Naira 8,000, da VAT ya zama Naira 1,720,000. `INV-0447` na 24 ga Maris, bututu 300 a kan Naira 4,000, da VAT ya zama Naira 1,290,000. Duka ukun Naira 5,160,000 ke nan. Sai ga alat na Naira 4,015,400 ya shigo, adadin da bai yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba, bai kuma yi kama da biyu a haɗe ba. Akawun da aka bari cikin duhu abu ɗaya yake yi: ya fara cike tsohon bashi. Ya rufe na farko, ya rufe na biyu, ragowar Naira 145,400 ya ɗora kan na uku, sai na ukun ya tsaya da saura Naira 1,144,600. Ga inda adadinsa ya fito. Da kai ne a kujerarsa, haka za ka yi.

To wannan giɓin abu huɗu ne a dunƙule, kuma huɗun ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai Naira 500,000 ta kafin alƙalami da kuka biya tun 20 ga Fabrairu: kuɗi ne da ya riga ya shiga hannunsa. Akwai Naira 129,000 ta tayil kwali 15 da suka iso a farfashe: bashi ne da ya kamata a soke, ba za a taɓa biyansa ba. Akwai Naira 85,600 ta harajin da aka cire tun daga tushe, wanda ake rubutawa `WHT`: kuɗinsa ne, amma gwamnati za a kai wa da sunansa. Sai Naira 430,000 ta bututu 100 da ba su iso ba tukuna: wannan kaɗai ne bashin da ke nan da ransa. Kowanne da inda akawun zai shigar da shi a littafinsa, kuma kowanne da irin shaidar da zai buƙata kafin maigidansa ya yarda ya taɓa asusun. Kalmar "abin da ya kamata a cire" ta cuɗe su wuri ɗaya, ta bar shi yana lalube. Aikin sabuwar takardar shi ne ta warware su, kowanne a gabansa inbois ɗinsa.

Ka riƙe a ranka cewa ba manajanka kake rubuta wa ba, ba kuma Alhajin da ke da shagon ba. Mai karanta ta yaro ne ko yarinya a bayan kantar shago, da takardar bankinsu a hannu ɗaya da jerin masu bashi a ɗaya hannun, ga masu saye suna jira. Shi lambobin gidansu ya sani. Saboda haka lambar inbois ɗinsu za ka rubuta, harafi da harafi yadda suka buga ta, har da sifilin farko. Na ga a takardar biyanku ta cikin gida kuna amfani da lambar baucanku da lambar takardar oda. Waɗannan naku ne, su zauna a fayil ɗinku. In ka ga dama ka ƙara lambar oda a gefe, amma kada ta maye gurbin lambar inbois. `0412` da `412` a wurin mutum abu ɗaya ne, a wurin manhajar lissafi kuwa takardu biyu ne daban, kuma Excel kan haɗiye sifilin farko da kansa idan ba ka mai da gurbin zuwa `Text` ba kafin ka rubuta.

Kan takardar gajere ne. Sunan kamfaninku da adireshi, sunan dilan kamar yadda yake a kan inbois ɗinsa da lambar harajinsa ta `TIN`, sannan take, wanda a manhajojin lissafi za ka gan shi da sunan `Remittance Advice`. Ka ba takardar lambarta ta kanta, misali `RA-2025-018`, don a iya kiran ta da suna a waya. A ƙarƙashin wannan sai bayanin kuɗin da ya motsa: ranar da aka tura, adadin da aka tura da lamba da kuma kalmomi, bankin da ya fito, sunan asusun da ya fito, lambobi huɗu na ƙarshen asusun da ya shiga, da lambar shaidar taransifar, wadda a rasit ɗin banki ake kira `Session ID` ko `Reference`. Wannan lambar ita ce igiyar da ke ɗaure takardarka da layin da ke cikin takardar bankinsa. Kwanan wata kuma ka rubuta sunan watan. Wanda ya ga 03/04 yana iya karanta shi 3 ga Afrilu, kwamfutar wani kuma ta karanta shi 4 ga Maris, ga shi kuwa kuna da harka a duka makonnin biyu.

Tunda gyara kake yi, akwai layi ɗaya da ba ya cikin takardar farko amma dole ya shiga wannan, a sama inda ido zai fara sauka: "Wannan takarda ta maye gurbin wadda muka aiko ranar 4 ga Afrilu, 2025. Bayani ne kan kuɗin da aka riga aka tura, ba sabon biya ba ne." In ka bar shi, wani zai zauna yana jiran alat na biyu, ko mafi muni ya shigar da kuɗin sau biyu, a dawo ana neman bakin zaren a ƙarshen shekara.

Sai gangar jikin takardar, layi ɗaya ga kowane inbois:

| Lambar inbois | Rana | Jimlar inbois | An biya a baya | Kayan da suka lalace | Harajin WHT | An riƙe | Biyan 4 ga Afrilu |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| INV-0412 | 3 Maris | 2,150,000 | 500,000 | 0 | 40,000 | 0 | 1,610,000 |
| INV-0431 | 11 Maris | 1,720,000 | 0 | 129,000 | 29,600 | 0 | 1,561,400 |
| INV-0447 | 24 Maris | 1,290,000 | 0 | 0 | 16,000 | 430,000 | 844,000 |
| Jimla | | 5,160,000 | 500,000 | 129,000 | 85,600 | 430,000 | 4,015,400 |

Lura da abu biyu. Gurbin jimlar inbois yana ɗauke da abin da dila ya rubuta ne, ko da kuna ganin bai kamata ku biya duka ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya rage kuɗin fasassun tayil a ransa, ya rubuta 1,591,000 a matsayin jimlar inbois na biyu. Akawun zai nemi inbois mai wannan adadin ya rasa, domin babu shi. Ka fara daga adadinsa, ka sauko zuwa naka a gaban idonsa. Na biyu, adadin da ke kusurwar ƙasa ta dama dole ya zama daidai da alat ɗin da ya gani, har kwabo. In ya bambanta ko da Naira 50 ne, takardar ba ta gama aikinta ba. Cajin da bankinku ya cire muku na tura kuɗi naku ne, bai shiga wannan jadawalin ba, kuma ba a rage shi daga kuɗin dila.

Inda babu ragi ka sa sifili. Gurbin da aka bari fayau yana sa mai karatu ya yi zaton mantuwa aka yi.

Jadawalin ya faɗi nawa ne. Bai faɗi dalili ba. Dalilan suna zuwa a ƙasansa, kowanne jimla biyu ko uku, da shaidarsa a liƙe. Bari mu bi su, domin kowanne da ramin da ake faɗawa.

Kafin alƙalamin shi ne ya fi ba ni mamaki da ya ɓace, sai da na duba hoton alat ɗin na ga dalili: daga asusun manajanku na kansa kuɗin ya fita, ba daga asusun kamfani ba, kuma gurbin bayani babu komai. A wurin dila, wani mutum ne mai suna daban ya turo rabin miliyan. Kuɗin na nan a littafinsu, ko dai a asusun kuɗin da ba a san mai shi ba, ko an buɗe wa manajan shafi da sunansa. Don haka bai wadatar ka rubuta "adibas 500,000" ba. Rubuta haka: "Naira 500,000 da aka tura ranar 20 ga Fabrairu, 2025 daga asusun wane, a banki kaza, lambar shaida kaza, kafin alƙalami ne na fentin da ke kan INV-0412. Muna roƙon a mai da shi shafin kamfaninmu." Ka liƙa hoton rasit ɗin. Zai yi kyau manajan ya sa hannu a gefen wannan bayanin, domin akawu mai hankali ba zai ɗauke kuɗi daga sunan mutum ya kai wani suna ba sai da yardar mai sunan. Ka kuma faɗa wa manaja cikin ladabi cewa biyan kayan kamfani daga asusun kansa shi ke haifar da irin wannan.

Tayil ɗin da suka fashe sun fi buƙatar natsuwa. Kwali 15 a kan Naira 8,000 Naira 120,000 ce, amma an ɗora musu VAT a inbois, don haka VAT ɗinsu na Naira 9,000 yana bin su waje. Shi ya sa ragin ya zama 129,000. Wanda ya cire 120,000 kawai ya biya haraji kan kayan da bai karɓa ba. Wannan ka yi shi daidai. Abin da ya rage shi ne hurumi. Kai mai saye ba ka da ikon soke bashi a littafin mai sayarwa. Shi ne zai fitar da takardar rage bashi, wadda lambarta kan fara da `CN`, kuma ban ga ita cikin hotunanka ba. Abin da na gani webil ne, inda mai kula da sitonku ya rubuta da biro cewa kwali 15 sun fashe, direban motar ya sa hannu a ƙasa. Madalla da wannan sa hannun, shi ne duk hujjarku. Da an bar direba ya kama hanyar Kano ba tare da shi ba, da yanzu gardama ake yi kan ko a hanya suka fashe ko a wurin sauke kaya. To ka fitar da taku takardar neman ragi, ka ba ta lamba kamar `DN-009`, ka rubuta a bayanin: "Tayil kwali 15 kan INV-0431 sun iso a fashe, kamar yadda aka rubuta a webil mai lamba kaza. Kuɗin kaya 120,000, VAT 9,000. Ga takardarmu DN-009. Muna jiran takardar rage bashi daga wurinku." Har sai ta zo, wannan layin a buɗe yake a wurinsu, kuma kada ka yi mamaki in ka ga 129,000 ta sake fitowa a bayanin asusun wata mai zuwa. Ka kuma faɗi inda fasassun suke. Wasu dilolin sai sun ga kwalayen da idonsu, ko a mayar musu a motar da ta kawo lodi na gaba, domin su ma suna da wanda za su nuna wa.

Sai haraji, inda aka fi samun ɓacin rai, domin ɗan kasuwa da yawa yana ganin an zaftare masa riba ne kawai. Ƙa'idojin cire haraji daga tushe na 2024, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2025, sun sa kashi 2 cikin ɗari kan kawo kaya ga mai kawowa da ke cikin ƙasa. Wanda ya saba da kashi 5 na da, ya duba kada hannunsa ya ci gaba da bugawa a kan tsohon sabo. Ƙa'idojin sun keɓe wasu harkoki, ciki har da kayan da wanda ya ƙera su ya kawo da kansa, da cinikin nan-take na kan kanta. Dilanku ba shi ke yin fentin ba, kuma da takardar oda kuke karɓa bashi, don haka cirewar tana kan hanya. Idan mai kawo kaya ba shi da lambar `TIN`, kason yana ninkawa, wanda yana cikin dalilan da suka sa lambar take kan takardar.

Ana lissafa harajin ne kan kuɗin kaya zalla, ba tare da VAT ba. Kan fenti, kashi 2 na miliyan 2 ne, Naira 40,000. Wanda ya buga a kan 2,150,000 zai samu 43,000, ya ci wa dila Naira 3,000 a banza. Kan tayil, sai an fara fitar da fasassun: kashi 2 na 1,480,000, wato 29,600, ba 32,000 ba. Kan bututu, na 200 da ake biya yanzu ne kawai: kashi 2 na 800,000, wato 16,000. Ka rubuta waɗannan ginshiƙan a bayanin ƙasa, adadin da aka ɗora harajin a kai da kason da aka yi amfani da shi, don akawun ya buga a kalkuletarsa ya ga ya fito. In a Excel kake aiki, da gurabe takwas ɗin nan daga A zuwa H, layin farko zai zama haka:

```
F2: =ROUND((C2-E2-G2)/1.075*0.02,2)
H2: =C2-D2-E2-F2-G2
```

Raba wa 1.075 yana aiki ne kawai in duk kayan da ke kan inbois ɗin suna ɗauke da VAT. In an cakuɗa da kayan da ba a ɗora musu ba, ka ɗauki kuɗin kaya kai tsaye daga jikin inbois. Akwai kuma wani ɗan tarko game da kafin alƙalami. A hotonka an tura 500,000 cif, ba a cire komai ba a lokacin, shi ya sa duk 40,000 ta faɗo kan biyan Afrilu. A ƙa'ida lokacin da kuɗi ya fita ake cirewa, don haka nan gaba a cire tun a adibas, sannan a tuna a rage shi a biyan ƙarshe kada a cire sau biyu.

Shi kansa VAT ɗin, dila za ku ba shi duka, shi zai kai. Ma'aikatun gwamnati da wasu manyan kamfanoni da aka ɗora wa wannan nauyin su ne ke riƙe VAT su kai da kansu. Kamfaninku ba ya cikinsu, don haka kada gurbin riƙe VAT ya bayyana a takardarka don kawai ka gani a samfurin wata ma'aikata.

Abin da zai kwantar da hankalin dila kan wannan 85,600 shi ne ya san ina za ta da kuma yaushe zai ga shaida. Sunansa a inbois ya ƙare da `Ltd`, kamfani ne mai rajista, don haka hukumar haraji ta tarayya ake kai wa, kafin 21 ga watan da ke bin watan biya, wato 21 ga Mayu a nan. Da mutum ɗaya ne mai sunan kasuwanci kawai, da hukumar harajin jiha za a kai wa, kuma wa'adinta 30 ga wata mai bi. Rubuta masa: "An cire Naira 85,600 a matsayin WHT, za a biya da sunanku da lambarku ta TIN kafin 21 ga Mayu, 2025, kuma za mu aiko muku da rasit." Sannan ku cika alkawarin. Da wannan shaidar zai rage abin da zai biya na harajin shekara. In an cire ba a kai ba, ko aka kai da lambar da ba tasa ba, to a wurinsa kuɗin ya salwanta, kuma yana da gaskiya in ya mai da shi kan bashinku. Harafi ɗaya da aka kuskure a lambar harajin ya isa ya jawo haka, saboda haka ka kwafe ta daga inbois ɗinsa, ka sa shi ya tabbatar.

Bututun da ba su iso ba ba ragi ba ne, shi ya sa na ware musu gurbinsu da sunan "An riƙe". In ka jera su tare da haraji da fasassun kaya ƙarƙashin kalma ɗaya, Alhaji zai ɗauka kun yanke masa 430,000 ne gaba ɗaya, kuma nan ne ake fara ɗaga murya. Faɗi abin da ya faru da sharaɗin sakin kuɗin: "INV-0447 na bututu 300 ne. An sauke 200 ranar 24 ga Maris bisa webil mai lamba kaza. Mun riƙe kuɗin 100, wato 400,000 da VAT 30,000, za mu biya da zarar sun iso sitonmu." Makon jajibirin Sallah ne aka yi lodin, ba abin mamaki ba ne mota ta cika a bar saura, shi kuma mai rubuta inbois ya rubuta duka odar. Akwai yiwuwar akawun bai ma san ba a kai ɗarin ba, domin shi inbois yake gani, webil yana wurin masu sito.

A can ƙasa ka rufe da layi ɗaya da ke faɗin matsayin kowane inbois bayan wannan biyan: na farko ya rufu, na biyu zai rufu da zarar takardar rage bashi ta fito, na uku saura Naira 430,000. Sai sunan wanda za a kira in akwai tambaya da lambar wayarsa ta ofis, da sa hannun wanda ya shirya da na wanda ya amince. Duk wannan ya kamata ya shiga shafi ɗaya. Shaidu su biyo baya, a jere yadda aka ambace su.

Kafin ka aika, ka gwada takardar ta hanya biyu. Tara kowane gurbi daga sama zuwa ƙasa, sannan ka bi layin jimla daga hagu zuwa dama: 5,160,000 a cire 500,000, a cire 129,000, a cire 85,600, a cire 430,000, dole ya ba ka 4,015,400. Sannan ka tara ragin huɗu su kaɗai. Za su ba ka 1,144,600, adadin da akawun ya kira maka a waya. Ka rubuta masa wannan a saƙon da zai raka takardar, domin ganin adadinsa ya fito daga lissafinka ya fi kowane dogon bayani saurin gamsar da shi.

In wata rana lissafin ya ƙi haɗuwa, bambancin da kansa yakan nuna inda ɓarakar take. In ya rabu da 9 ba saura, duba ko an juya lambobi biyu, kamar a rubuta 1,516,400 maimakon 1,561,400, wanda ke ba da bambancin 45,000. In bambancin ninki biyu ne na wani adadi da ka sani, to an tara shi ne a inda ya kamata a cire. In ya yi daidai da kashi 7.5 na wani ragi, an manta VAT ɗin kayan da aka mayar. In kuma 'yan dubbai ne da ba su da kan gado, gwada lissafa harajin a kan jimla mai VAT, sau da yawa can za ka same su.

Ka aika ta a `PDF`, kada ka tura fayil ɗin Excel da kowa zai iya taɓawa, kada kuma ka ɗauki hoton allon kwamfuta da waya, inda 8 da 3 ke zama abu ɗaya. Sunan fayil ɗin ya ɗauki lambar takardar da sunan kamfaninku. WhatsApp ya isa don sauri, amma ka tura wa akawun kansa, ba Alhaji kaɗai ba, domin saƙon da ya shiga wayar maigida yakan kwana a can. Kwafi na takarda kuma ya bi direban lodi na gaba, a sa masa hannu a dawo da ɗaya. Ka roƙi su aiko da sabon bayanin asusunku bayan sun shigar da gyaran. A cikinsa kake son ganin rabin miliyan ta koma shafinku, harajin ya fita daga bashi, kuma an warware yadda aka raba kuɗin da farko an sake raba shi bisa jadawalinka. Wannan na ƙarshen ana yawan tsallake shi: jimla ta yi daidai, amma inbois na uku yana nuna wani saura daban, sai rigimar ta dawo bayan wata uku lokacin da kowa ya manta.

Nan gaba, takardar ta riga kuɗin fita ko su fita rana ɗaya, kuma a gurbin `Narration` na banki ka sa lambar takardar kawai da gajeren sunan kamfani, kamar `RA-2025-018`. Gurbin ƙarami ne, kuma alat kan yanke ƙarshen dogon rubutu, don haka jera lambobin inbois uku a ciki ba ya kai labari. Ranar da bututu ɗarin suka iso, za ka buɗe sabuwar takarda mai sabuwar lamba da layi ɗaya tak: INV-0447, jimla 1,290,000, an riga an warware 860,000 a takarda ta 018, wato 844,000 da aka tura da harajin 16,000, sai harajin yau 8,000 kan 400,000, abin da za a tura Naira 422,000, saura sifili.